Ranar da Bawo Ya Rasa Jagora

Labarin Bayajidda na ɗauke da darasi ga marubuta. A gargajiyar Daura, sai bayan rasuwarsa ɗansa Bawo ya hau mulki, alhali ga ɗan'uwansa Karɓagari, ɗan Bagwariya.

In za ka rubuta irin wannan labari, kada jagoran ya rasu sai ya koya wa yaro rabin aiki. Misali, a ce Bayajidda ya nuna wa Bawo riƙon takobin da ya sare macijin Kusugu, amma ya tafi bai faɗa masa yadda zai zauna da Karɓagari ba. Dole Bawo ya yanke shawara da kansa.

In wasiyya ko mafarki ya warware masa komai, to marigayin ne ke jan ragamar labarin, yaro bai girma ba.