Dutse Nawa, Siminti Nawa? Lissafin Katangar Tare Ƙasa

Da yawa daga cikinmu wata rana za a ajiye mana takardar ɗan kwangila a kan tebur, a ce mu sa hannu. Don haka muka ga ya dace yau mu ɗauki katanga guda ɗaya mu bi lissafinta, irin katangar dutsen nan da akan gina a gangare don ta tare ƙasa kada ta zubo wa hanya ko gida.

Idan muka yanka irin wannan katanga muka dubi cikinta, za mu ga gindinta da faɗi, kanta tsukakke, siffar da masu lissafi ke kira tarafiziyam. Dalili kuwa shi ne turin ƙasa yana ƙaruwa da zurfi, har ma in aka ninka tsawon katanga sau biyu, ƙarfin da ke tura ta yakan ninku sau huɗu. Katangar ba ta da makamin da ya wuce nauyin kanta, shi ya sa akan ba gindin faɗin da ya kai kimanin rabin tsayinta.

To, mu ce tamu tsayinta mita 2 ne, faɗin gindi mita 1, faɗin kai mita 0.4, tsawonta kuma mita 20, ban da harsashi, wanda lissafinsa dabam yake. Sai mu haɗa faɗin gindi da na kai, mu raba biyu, mu sami 0.7. Mu ninka da tsayi, ya ba mu murabba'in mita 1.4. Mu sake ninkawa da tsawo, katangar ta tashi kubik mita 28.

A nan ne sabon ma'aikaci kan yi tuntuɓe. Yakan ɗauka tun da kwaɓi zai ci wani sashe na katangar, dutsen da za a saya ba zai kai 28 ba. Alhali dutsen da tifa ke jibgewa barkatai yake, kusan kashi 40 cikin ɗari na tsibin iska ce tsakanin duwatsu. Magini kuwa jera su yake yi, yana sare ƙusurwoyi, yana yar da marasa kyau. Saboda haka ga kowace kubik mita ta gini akan sayi kimanin 1.25 na dutse, wato 35 ga katangarmu. Ɗan kwangilar da ya rubuta 35 bai cuce mu ba.

Haka abin yake ga kwaɓi. Dutsen da ba a sassaƙa ba yakan bar gurbin da ya kai wajen kashi 30 cikin ɗari na ginin, wato 8.4 na ɗanyen kwaɓi. Amma busasshen haɗi yakan ƙanƙance in ya sha ruwa, domin siminti yana shigewa tsakanin ƙwayoyin yashi. Sai mu ƙara kashi ɗaya cikin uku, ya zama 11.2. In haɗin namu siminti ɗaya ne ga yashi huɗu, mu raba shi gida biyar: siminti 2.24, yashi kusan 9. Buhu mai kilo 50 yana cin kimanin kubik mita 0.035, ashe buhu 64 ke nan. A wurin aiki buhu ɗaya kwanon sarki biyu ne, sai a zuba masa yashi kwano takwas. Sai dai a lura, yashi mai danshi yakan kumbura, kwanon ya cika alhali yashin bai kai ba.

Amfanin wannan adadi ga mai duba aiki shi ne, kowace mita ɗaya ta tsawon katangar ya kamata ta ci buhu uku da ɗan ɗoriya. In muka tarar tana cin biyar, ko dai ana cika ramuka da kwaɓi maimakon a cusa ƙananan duwatsu, ko kuwa simintin yana da wata ƙofar fita. In kuma buhu biyu take ci, abin ya fi muni: an gyara fuska, an watsa ɓaraguzai a ciki ba kwaɓi. Irin wannan katanga biyu ce a jingine da juna, musamman in ba a sa dogayen duwatsun da ke ratsawa daga gaba zuwa baya suna ɗaure ta ba. Mu riƙa zuwa tun ana tsakiyar gini, mu leƙa cikin kafin a rufe.

Akwai wani abu kuma da bai shiga lissafin nan ba, wato ruwa. In damina ta yi nisa, ƙasar baya ta ƙoshi, ruwan ya rasa mafita, turin kan iya ninkuwa ya fi abin da aka gina katangar ta ɗauka. Alamarsa ita ce ta yi ciki, ko kanta ya karkato gaba. Don haka a takardar mu nemi tsakuwar da za a zuba a bayanta, da bututun tsiyayar ruwa kusa da gindi, kowane mita ɗaya ko biyu. In babu su, mu mayar da takardar a ƙara su kafin mu sa hannu.