Yadda Za A Kwanta In Tari Da Toshewar Hanci Sun Hana Barci

Wannan shi ne jawabin da wata malamar asibiti ta yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci, maza da mata, a garin Achilafiya cikin ƙasar Kazaure.

Malamar ta fara da tambaya. Ta ce, me ya sa mai mura yakan wuni da sauƙi, amma da ya kwanta sai tari ya taso? Ta ce dalilin yana ga kwanciyar. In mutum yana tsaye ko zaune, majina tana fita ta hanci. In ya kwanta rigingine, sai ta gangara maƙogwaro ta yi ta susarsa. Haka kuma jini yakan taru a naman cikin hanci, ya kumbura, hanya ta toshe. Sai mutum ya buɗe baki yana shaƙar busasshiyar iskar hunturu, maƙogwaro ya bushe, tari ya ƙaru.

Daga nan ta kawo misalin wani manomi da ya zo wurinta. Ya kwana uku bai yi barcin kirki ba. Ya tara matashin kai har uku, amma wuya kaɗai ya lanƙwashe, ya wayi gari da ciwon wuya, tari kuma yana nan. Ta ce kuskurensa ke nan. Ba kai kaɗai ake ɗagawa ba, har da kafaɗu da ƙirji. Ta sa ya naɗe bargo ya cusa ƙarƙashin katifa ta wajen kai, tudun ya kai tsawon tafin hannu. Mai gado ya sa bulo ɗaya ɗaya a ƙarƙashin ƙafafun gado biyu na wajen kai. Mai tabarma ya jingina da buhun hatsi da aka lulluɓe da zane.

Abu na biyu, ta ce masa ya kwanta a gefe. In ƙofar hancin dama ce ta toshe, ya kwanta a gefen hagu, domin wadda take sama ita ke buɗewa bayan ɗan lokaci. Wanda ƙwannafi ke tayar masa da tari, shi ma gefen hagu ya fi masa, kuma ya ci tuwon dare awa uku kafin kwanciya. Manomin ya bi wannan, ya samu barci. Murar kuwa ta tafi da kanta bayan mako guda, domin kwanciya ba ta kashe mura, hutu take ba jiki.

Kafin a kwanta, in ji malamar, a wanke hanci da ruwan gishiri. A tafasa ruwa rabin lita, wato cikin ledar fiya wata guda. A zuba gishiri cokalin shayi ɗaya a shafe, a bari ya huce. A ɗiga kaɗan a kowace ƙofar hanci, sannan a fyace a hankali. In ya yi zafi ƙwarai, gishirin ya yi yawa. Cokalin shayi ɗaya na zuma ma yana lafar da tarin dare. Amma kada a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma, tana iya jawo masa mugun ciwo.

Wata uwa ta tambaya ko za ta sa wa jaririnta matashi. Malamar ta ce a'a. Jaririn da bai kai shekara 1 ba rigingine ake kwantar da shi, a shimfiɗa mai ƙarfi, ba matashi, ba tudu, ko da yana mura. A ɗiga masa ruwan gishiri ɗigo 2 a kowace ƙofar hanci kafin ya sha nono.

Ta kuma ja kunne a kan kaskon wuta. Hayaƙin itace da na maganin sauro na kunnawa suna tsananta tari. Garwashi a rufaffen ɗaki kuwa yana fid da iskar da ba ta wari, tana kashe mutum cikin barci. A fitar da kasko kafin a rufe ƙofa, a shiga gidan sauro.

A ƙarshe ta faɗi inda dabarar kwanciya ta tsaya. Tarin da ya kai mako 2, ko mai jini, ko mai rama da gumin dare, a je a gwada kaki. Gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati da ke wannan aiki. Babban da numfashi ke yanke masa in ya kwanta, ga kumburin ƙafa, a duba zuciyarsa. Yaro kuwa a ƙidaya numfashinsa na minti ɗaya yana kwance shiru. Daga wata 2 zuwa 11, in ya kai 50, ya yi yawa. Daga shekara 1 zuwa ƙasa da 5, in ya kai 40, ya yi yawa, a kai shi asibiti ranar. In ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ko ya kasa shan nono, kada a jira gari ya waye, a nufi asibiti mafi kusa ko Babban Asibitin Kazaure.

Allah Ya ba mu lafiya, amin.