Kalma ɗaya, "nauyi", ta kusa kayar da ƙanwata

Yau daga Kawo nake magana, in kun ji hon ɗin 'yan Keke ku yi haƙuri.

Ƙanwata tana aji biyu na babbar sakandare, so take ta shiga KASU. Ta buɗe littafi tana tara kalmomin Fiziks na Turanci, a gaban kowace ta sa Hausarta. Na ɗauka na duba. A gaban mas ta rubuta "nauyi". Shafi biyu gaba, a gaban weit, nan ma "nauyi". Na ce to fa! Ba laifinta ba ne, haka muke faɗa a kasuwa. Amma a jarrabawa abu biyu ne daban, kuma ƙamus ɗinta ya haɗe su.

Shi ya sa nake cewa kada ka tsaya neman kalma ɗaya ta Hausa. Rubuta bayani, jimla guda ko biyu.

Ga yadda muka gyara. Mas, mai alamar m: yawan abin da ke cikin jikin abu, ana auna shi da kilogiram, ba ya canzawa ko ina aka kai shi. Weit, mai alamar W: ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi, ana auna shi da niyuton. Sai muka kawo buhun shinkafa mai kilo 50. W = mg, kuma g wajen 9.8 ne, ka ga niyuton 490 ke nan. Kai buhun duniyar wata, inda g bai wuce 1.6 ba sosai, ya koma wajen niyuton 80. Shinkafar ta ragu? Ko ƙwaya. Kilo 50 ɗin na nan.

Kowace kalma yanzu layi huɗu take ci: Turancin da haruffansa daidai yadda yake a littafi, tunda da Turanci za a tambaye ka, sai bayanin Hausa, sai ma'auni da misali, sai "kada ka haɗa ta da wance". Layin ƙarshen nan na fi ji da shi. "Zafi" ma tarko ne: akwai na digiri, akwai na jul.

Ta yaya za ka gane bayaninka ya yi? Rufe Turancin, ka karanta wa abokinka Hausar. In ya faɗi kalmar, shi ke nan. In ya ce "wacce daga ciki?", koma ka gyara.

Masu nazarin harshe kuwa kun huta, Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya shirya muku Hausa Metalanguage tun 1990, ku fara dubawa can kafin ku ƙirƙiro sabuwa. Mu da ƙanwata, gobe "gudu" za mu kama, shi ma kalma biyu yake ɓoyewa.