Kafin Mu Yarda da Hoton Takardar Sakamakon Zaɓe



Mu mutanen Sakkwato mun san nauyin ƙuri'a guda. A zaɓen gwamna na watan Maris ​ɗin 2019 sai da aka sake jefa ƙuri'a a wasu rumfuna, kuma a ƙarshe Aminu Waziri Tambuwal ya rinjayi Ahmed Aliyu da ƙuri'a 342 kacal, alhali kowannensu ya haura rabin miliyan. Wannan rata ba ta fi abin da rumfa ɗaya ke iya kawowa ba. Saboda haka idan hoton takardar sakamako ya faɗo cikin wayoyinmu daren zaɓe, bai kamata mu tura shi gaba ba sai mun bi shi da lissafi.

Takardar da aka fi ɗauka hoto ita ce ta rumfa, wadda hukumar zaɓe ta ƙasa ke kira EC8A. A samanta akwai gurabe takwas, kuma an tsara su yadda wasu ke gaskata wasu. Bari mu ƙaga wata rumfa don misali. Masu rajista 750 ne, an kuma kawo takardun ƙuri'a 750. An tantance mutum 312. Takardu 2 sun lalace kafin a jefa su, aka sauya wa masu su. An ƙi ƙuri'a 9 wajen ƙidaya, masu kyau kuwa 303. Idan muka tara 2 da 9 da 303 za mu sami 314, watau takardun da aka yi amfani da su. To lalle waɗanda suka rage su zama 436, domin jimla ta koma 750. Haka nan 9 da 303 su ne abin da ya shiga akwati, 312, daidai da waɗanda aka tantance.

Yanzu mu sauko wajen jam'iyyu. A ce ta farko ta sami 148, ta biyu 139, sauran duka 16. Jimla 303 ke nan. Mai son maguɗi abu mafi sauƙi yake nema: ya rufe bakin 3 ta zama 8, sai 139 ta koma 189, na biyu ya zama na ɗaya. Amma yanzu ƙuri'un jam'iyyu sun kai 353, gurbin sama kuwa yana cewa 303, har ma sun zarce mutanen da aka tantance. Ƙari a kan haka, ana rubuta kowane adadi sau biyu, da lamba da kuma kalmomi, kuma gyara kalmomi ba tare da tabo ba yana da wuya. Wajen kalmomin nan za mu fara kai ido.

Sai dai mu yi hattara. Malamin zaɓen da ya yini a rana, yana cika takarda da hasken tocila, yana iya kuskure tsakani da Allah, musamman a gurbi na takwas. Saɓanin ƙuri'a biyu ko uku dalilin bincike ne, bai isa hujjar kiran mutum ɓarawo ba. Haka kuma mayaudari mai natsuwa yana iya cika takarda sabuwa lissafinta ya tafi daidai.

Don haka sai mu duba kan takardar. Wane zaɓe aka rubuta, kuma wace rana? A 2023 an yi na shugaban ƙasa ran 25 ga Fabrairu, na gwamna ran 18 ga Maris, kuma tsohuwar takarda ta gaskiya tana iya dawowa da sabon labari. Lambar Jihar Sakkwato 33 ce, daga nan lambar ƙaramar hukuma, ta gunduma, sannan ta rumfa. Akwai lambar takardar kanta, da hatimi, da sa hannun shugaban rumfa da na wakilan jam'iyyu. Hoton da aka datse wa kai ko gindi, mu ɗauka ba mu ga kome ba.

Da waɗannan lambobi ne ake bin sawu. A 2023 ana ɗaukar hoton takardar da na'urar BVAS a ɗora a shafin hukumar mai suna IReV, inda mutum zai bi jiha, ƙaramar hukuma, gunduma, har rumfa, ya gwama hoton biyu, har da kamannin rubutun hannu. Shafin ma yana da iyakarsa: sakamakon shugaban ƙasa ya makara ƙwarai wajen hawa, wasu hotunan ba su karantuwa, kuma a watan Oktoba 2023 Kotun Ƙoli ta ce ba wurin tattara sakamako ba ne. Idan shafin ya gaza, sai mu nemi kwafin da aka ba wakilan jam'iyyu a rumfar, mu gwama na jam'iyyu biyu masu hamayya da juna. Wanda ya turo mana hoton kuwa mu tambaye shi: kai ka ɗauka, ko turo maka aka yi?