"Wasan ya yi daɗi, amma..." Yadda na gwada wasan katina da abokai biyar

Ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Wasu daga cikinku sun san na daɗe ina haɗa wani wasan kati na saye da sayarwa. Na tara kuɗin buga kwafi hamsin daga aljihuna, kuma idan aka buga da kuskure, to shi ke nan, kuɗin sun tafi. Shi ya sa kafin in je wurin mai buga takardu na tara abokai biyar su gwada. Yau zan ba ku labarin zaman nan, da yadda na mayar da maganganu irin su "ya yi tsawo" zuwa gyaran da za a iya aunawa.

Bari in fara da yadda wasan yake, don ku bi ni. Mutum biyar ne, kowa yana farawa da murfin kwalba biyar a matsayin kuɗi. A tsakiya akwai katunan kaya: gero, wake, albasa da tumatir. Idan layi ya zo kanka, ko ka saya ko ka sayar. Wannan shi nake kira hannu ɗaya. Idan kowa ya yi hannunsa, zagaye ɗaya ke nan. Bayan zagaye takwas, wanda ya fi murfi ya ci.

Shawara ta farko da na yanke ita ce ni ba zan yi wasan ba. Na ba su takardar dokoki shafi ɗaya, na koma gefe da littafi da biro da agogon waya. Abu uku nake rubutawa: tsawon kowane hannu, duk tambayar da aka yi, da yawan murfin kowa a ƙarshen kowane zagaye. Wallahi yin shiru ya fi komai wuya. Minti uku da farawa, abokina mai gyaran waya ya fahimci wata doka a baibai, sai bakina ya suɓuce na gyara masa. Nan take na gane na yi ɓarna, domin ranar da wani zai sayi wasan ba na cikin kwalin. Daga nan duk wanda ya tambaye ni sai in ce, "Kai me kake ganin takardar take nufi?" in rubuta amsarsa.

Da aka gama ban ce "yaya kuka gani?" ba. Kun san halinmu da kara. Babu wanda zai sha zoɓonka ya ce maka aikinka bai yi ba. Sannan a cikinsu akwai wanda ya girme mu, wanda in ya fara magana kowa zai ce haka ne. Sai na ba kowa takarda ya rubuta shi kaɗai: wane lokaci ne ka fi jin daɗi, wane lokaci ka ji kamar ka tashi, kuma me ka so ka yi wasan ya hana ka? Duk da haka, abin da na samu gajeru ne: "ya yi tsawo", "akwai ruɗani", "babu adalci". A nan aikin ya fara.

Mu ɗauki "ya yi tsawo". Mutum uku suka rubuta haka, har babban namu ya ba da magani. Ya ce, "Ƙanina, ka mai da shi zagaye biyar kawai." Da na bi shi, da na yi kuskure. Ka tuna, waɗannan mutane ne da suke kwashe awa biyu a kan ludo ko wot ba su ce uffan ba. To me ya sa minti 52 ya gundure su?

Na koma littafina. Zagaye takwas sau mutum biyar, hannu 40 ke nan. Raba minti 52 gida 40, kowane hannu ya ci daƙiƙa 78. Ma'ana idan ka gama naka, sai ka jira mutum huɗu, wato sama da minti biyar kana zaune ba ka taɓa komai ba. Kuma na rubuta cewa tun zagaye na uku mutum biyu suka fara danna waya. Ashe ba tsawon wasan ne ya dame su ba, jiran ne. In na rage zagaye, wasan zai gajarta, amma jiran minti biyar ɗin yana nan daram.

Sai na tambayi kaina, me ke cinye daƙiƙa 78? Katuna goma sha biyu ne a buɗe a tsakiya, kuma mutum yana zarar sabon katin farashi a farkon hannunsa, don haka sai layi ya zo kansa yake fara tunani. Gyaran da na rubuta shi ne: katunan tsakiya su koma biyar, kuma a zari katin farashi a ƙarshen hannu, ta yadda za ka yi lissafinka lokacin da wasu ke yin nasu. Na kuma rubuta ma'auni: ina son hannu ya dawo ƙasa da daƙiƙa 45.

Na biyu, "akwai ruɗani". Wannan ya fi sauƙi saboda na ƙirga tambayoyi. An yi tambaya 11, kuma bakwai daga ciki a kan doka ɗaya ce: tumatir yana ruɓewa bayan zagaye biyu in ba ka sayar ba. Da farko na ɗauka rubutun dokar ne bai fito ba. Amma da na sake karanta tambayoyin, babu wanda ya ce "me dokar ke nufi?" Abin da suke cewa shi ne, "Wai yaushe na sayi tumatir ɗin nan?" Wata ƙawarmu malamar makaranta har musu ta yi da na kusa da ita a kan haka. Sun gane dokar sarai, riƙe ta a ka ne ya gagare su. Da na ƙara bayani a takarda, da na ƙara musu karatu a banza. Sai na mayar da aikin tunawa kan katin kansa: bayan zagaye ɗaya ka juya katin tumatir a kwance, bayan na biyu ka jefar. Kowa yana gani da idonsa, babu musu.

Na uku shi ne wanda ya fi min zafi: "babu adalci, sa'a ce kawai." Wanda ya zo na ƙarshe ne ya rubuta, kuma gaskiya zuciyata ta ce haushin faɗuwa ne. Amma ga sakamakon: 31, 19, 17, 15, 11. Tazarar na ɗaya da na biyu murfi 12 ne. Daga ina 12 ɗin nan suka fito?

Akwai wani kati guda ɗaya tak a wasan, katin rumbu. Kuɗinsa murfi shida, kuma yana ba mai shi murfi uku a kowane zagaye da ya biyo baya. Tunda kowa da biyar yake farawa, babu mai iya sayensa a zagaye na farko. A zagaye na biyu kuwa, wanda yake fara wasa shi ne zai riga kowa. Haka kuma aka yi. Ya karɓi uku sau shida, 18 ke nan, cire shidan da ya biya, saura 12. Daidai tazarar da ya ci da ita. Abokina ya yi gaskiya cewa babu adalci, amma ba sa'ar kati ba ce, wurin zama ne. Na mayar da kuɗin rumbu takwas, abin da yake bayarwa kuma biyu, sannan wanda ke fara wasa ya riƙa canjawa a kowane zagaye.

Idan kun lura, hanya ɗaya na bi sau uku. Na rubuta abin da aka ce, na nemi abin da na gani da ido a daidai wurin, na yi hasashen dalili, sannan na rubuta gyara tare da lambar da za ta nuna min ko ya yi aiki. Ƙorafin ɗan wasa ka yarda da shi, domin shi ya ji a jikinsa. Maganin da ya kawo kuwa, sai ka auna shi tukuna.

Bayan mako ɗaya na sake gwaji, amma ba da mutanen farko ba. Dalili kuwa, su sun riga sun koyi wasan, dole su yi sauri ko da ban gyara komai ba, sai in yaudari kaina. Ƙanwata ta kawo ƙawayenta, su biyar da ita. Zagaye takwas ɗin nan dai, amma aka gama a minti 27, kusan daƙiƙa 40 kowane hannu. Tambayar tumatir sau ɗaya aka yi. Sai dai har aka tashi babu wadda ta sayi rumbu. Na tambayi ƙanwata, ta ce, "Haba Yaya, in ba da takwas don ribar huɗu? Ai gara in sayi wake." Ta fi ni lissafi: biyu sau shida 12, cire takwas, saura huɗu, kuma sai in ka saya da wuri. Garin gyara na kashe katin gaba ɗaya. Kuskurena shi ne na taɓa abu uku a kan matsala ɗaya: farashi, riba, da wanda ke farawa. Yanzu na mayar da farashin shida, na bar sauran biyun, zan sake gwadawa.

Wani zai ce, mutum biyar sun isa kuwa? A shekarar 2000, Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da manhajoji, ya yi rubutun da ya shahara cewa gwaji da mutum biyar yana fito da kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani, kuma gara ka yi ƙananan gwaji da yawa da ka yi babba guda ɗaya. Amma shi a kan shafukan intanet da manhajoji yake magana. A wasa, zama ɗaya zai nuna maka inda ake ruɗewa da inda ake gundura. Ba zai tabbatar maka an daidaita ƙarfin katuna ba. Matsalar rumbu na kama ta ne saboda lissafinta a fili yake. Ƙananan bambance-bambance, kamar ko albasa ta ɗan fi wake riba, sai an yi wasa sau da yawa kafin ka rabe su da sa'a.

Saboda haka na ɗaga zuwa wurin mai bugawa da mako uku, har sai na ga an sayi rumbu kuma mai shi bai ci wasa kai tsaye ba. Ranar Asabar akwai gwaji na uku, ina neman mutum biyar da ba su taɓa ganin wasan ba. Zoɓo da gyaɗa a kaina, sharaɗi ɗaya ne: kada ku yi min kara.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.