Bayan "Lafiya Lau": Tambaya ta Biyu da ta Uku

 

Ma'aji ta karanta muku lissafi: nawa aka zuba, nawa aka ranta, nawa ya dawo. Mu kuma 'yan kwamiti muna so mu yi magana a kan abin da ba ya shiga littafi, wato yadda muke tambayar juna. Mun kusa rasa wata 'yar uwa a bana, kuma laifin tambayarmu ne.

Kowa a nan ta iya gaisuwa. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Yaya gida, yaya yara, sai godiya. Mace tana iya fitowa daga ɗakin da ta kwana tana kuka, ta amsa duk waɗannan daidai ba tare da ta yi ƙarya ba, domin gaisuwa girmamawa ce, ba a neman labari da ita. Kuskurenmu shi ne da mun gama gaisuwa sai mu faɗa kan lissafi: nawa kika kawo, yaushe za ki cika? Amsar wannan lamba ce da rana. Da lamba da rana ba za ka taɓa sanin abin da ke cin mutum ba.

Ga yadda abin ya faru. Mun nemi izininta kafin mu faɗa, da sharaɗin ba za mu ambaci sunanta ko unguwarsu ba.

Mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ce, ta daɗe tare da mu, ba ta taɓa fashin zubi ba. Sai ga shi mako uku a jere ba ta kawo dubu biyunta ba, bashi ya zama dubu shida, kuma ta daina zuwa taro. Sau biyu muka aika yarinya da saƙon "an ce yaushe za ki kawo?" Sau biyu amsa ta dawo: "Mako mai zuwa, in Allah ya yarda." A na uku sai ɗaya daga cikin dattawanmu ta ce a bar aike, ita za ta je da ƙafarta. Ta tafi bayan la'asar, lokacin da maigidan ba ya nan, yara sun tafi Islamiyya, kuma ta bar littafin a gida.

Bayan sun gaisa, sai ta ce, "Ƙanwata, yaya sana'a?" Ta amsa, "Sai a hankali, Yaya. Gyaɗa ta yi tsada." Wannan gaskiya ce, kuma kowa ya sani. Da an tsaya nan, da an yi hirar tsadar kasuwa an tashi. Sai Yaya ta ƙara tambaya mai sauƙi: "Yanzu kwano nawa kike soyawa?" Ta ce, "Da goma nake yi. Yanzu huɗu, tun da yarinyar nan ta dawo."

Ku lura da abin da ya faru a nan. An tambaye ta kwano, ta ba da kwano, amma ta ƙara da 'yar magana da ba a tambaya ba: tun da yarinyar nan ta dawo. Mutum ba ya ƙara irin wannan a banza. Kamar mai tsaye a bakin zaure ne ya ɗan ɗaga labule ya ga ko za a shigo. Yaya ba ta yi komai ba illa ta maimaita mata kalmarta: "Ta dawo?" Sai ta yi shiru.

Can sai maganar ta fito. Auren ɗiyarta ya mutu, ta dawo da jariri mara lafiya, jarin gyaɗa ya tafi a magani da abinci. Har yanzu labari ne na abin da ya faru, wa ya yi me, nawa aka kashe. Yaya ta saurara har ta kai aya, sannan ta yi tambayar da ta juya hirar: "Duk cikin wannan, me ya fi tsaya miki a rai?"

Da an ce mu yi hasashe, da mun ce kuɗi ne, ko sakin. Ba ko ɗaya. Ta ce, "Yaya, sunana da za a karanta a taro cikin masu bashi. Ni da nake yi wa wasu faɗa. Ba na barci saboda shi. Na riga na yanke in fita daga ƙungiya kafin a kai nan." Kun ga, maganin da za mu ba ta da hasashenmu, wato ƙarin rance, da ya ƙara mata ciwo ne. Da izininta aka kawo maganar ga mutum uku kawai na kwamiti. Aka rage mata zubi zuwa dubu ɗaya na wata uku, wata 'yar uwa ta yarda suka yi musayar layin ɗauka, ba a karanta sunanta ba. Tana cikinmu a yau.

Daga wannan muka fitar da abubuwa uku da muke so kowa ta riƙe.

Na farko, tambaya ta biyu daga bakin mai magana ake ɗauko ta. Kada ki zo da jerin tambayoyi daga gida kamar mai ƙidaya. Ki saurari 'yar maganar da ta ƙara bisa abin da kika tambaya: "tun da", "dai", "sai a hankali", "haka nan". Ki mayar mata da ita, ko ki ce, "Sai kuma aka yi yaya?" Wasu masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka sun buga nazari a 2017 a kan hirar mutanen da ba su san juna ba, suka gano cewa waɗanda suke yawan tambayar da ta biyo bayan abin da abokin hira ya faɗa sun fi shiga ransa, domin irin wannan tambayar tana nuna an saurara. Kakanninmu ba su buƙaci jami'a ta faɗa musu ba, amma mu muna buƙatar tuni.

Na biyu, kalmomin da za ki zaɓa. In kika ce wa mace "yaya kike ji?", za ta ɗauka jiki kike nufi, ta ce miki da sauƙi. In kika ce "me ya sa ba ki faɗa mana ba?", kin zama alƙali, ita kuma za ta shiga kare kanta. Waɗanda muka ga suna buɗe baki su ne irin su: "Me ya fi damunki a ciki?" "Da kika ji labarin, me ya fara zo miki a rai?" "Da dare fa, kina samun barci?" "Wa kike faɗa wa in abin ya yi miki yawa?" Tambayar barci da cin abinci tana da amfani sosai ga mai yawan kunya, domin tana iya cewa "ba na barci" alhali ba za ta iya cewa "ina cikin baƙin ciki" ba. Kuma ɗaya za ki yi, ki jira. Shirun yana da nauyi, mun sani. Ki ƙirga goma a zuci kafin ki sake buɗe baki.

Na uku, abubuwan da ke rufe ƙofar bayan ta buɗe. Babba cikinsu shi ne "sai haƙuri" da wuri. Haƙuri magana ce mai kyau, amma in ta zo kafin mutum ya gama, abin da yake ji shi ne "ya isa haka". Sai kuma "ai ni ma haka ta faru da ni", daga nan hira ta koma kanki. Sai shawara tun ba a nema ba. Kafin ki ba da shawara, ki tambaya: "Kina so mu nemi mafita tare, ko dai so kike ki sauke?" Za ki yi mamakin yawan masu cewa, "Bari dai in sauke."

Abin yana da iyaka, kuma dole mu faɗa. Ba a yin irin wannan tambayar a tsakiyar taro, ko a gaban kishiya, ko suruka, ko yara. Akwai abin da alkunya take hana mace faɗa kai tsaye, kamar maganar miji ko ɗan fari, sai ta kewaya. Ki bi ta a kewaye, kada ki tilasta mata kiran suna. In kin tambaya ta ce "sai godiya", kin sake ta wata hanya ta kuma cewa "sai godiya", ko ta tashi ɗebo miki ruwa, ko ta koma maganar zafin rana, to ta rufe. Ki bar ta, ki ce, "Ina nan duk ranar da kike so." Sannan ki tambayi kanki abin da ya sa kike son sani. In kin ji kina ɗokin kai labarin gidan suna, wannan gulma ce, ki dakata. Abin da aka faɗa miki amana ce, ko kwamiti ba ya ji sai da yardar mai shi.

Akwai kuma lokacin da amsar ta fi ƙarfinmu. In 'yar uwa ta yi mako biyu ko fiye ba barci, ba cin abinci, ba ta jin daɗin komai, musamman mai jego, ko ta ce gara ta mutu ta huta, kada ki ce mata "ki daina faɗar haka" ki wuce. Ki tambaye ta a fili ko tana tunanin cutar da kanta. Likitoci sun tabbatar cewa tambayar ba ta sa wa mutum wannan tunanin. In ta ce e, kada a bar ta ita kaɗai, a sanar da wanda ta amince da shi a gida, a raka ta asibiti. Muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kusa da mu, ga kuma asibitin tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa a Kware. Zuwa can ba abin kunya ba ne.

Kada wata ta ce wannan aikin masu digiri ne. A Harare ta ƙasar Zimbabwe, tun wajen 2006, wani likita mai suna Dixon Chibanda ya fara horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibitin unguwa suna sauraron masu damuwa, kuma binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi. A nan ƙasarmu ta Sakkwato kuwa, Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis, dattawan mata da ke jagorantar 'Yan Taru daga ƙauyuka, suna kai karatu har cikin gidaje. Mace ta taka zuwa wajen 'yar uwarta ta zauna da ita, ba baƙon abu ba ne a wajenmu.

Saboda haka ga abin da kwamiti ya yanke. Daga wannan shekara, duk wadda ta yi fashin zubi sau biyu a jere, ba za a aika mata yarinya ba, ba kuma za a karanta sunanta ba, sai ɗaya daga cikinmu ta je ta zauna da ita tukuna. Littafi zai jira a gida. Ku kuma mazajenmu da 'ya'yanmu, in Inna ta dawo daga kasuwa ta ce "ciniki dai sai a hankali", kada ku tsaya a "nawa aka samu?" Ku ƙara guda ɗaya, ku jira amsa.