Mai Gadi a Wasan Sanɗa: Me Ya Sani, kuma a Ina Ya Samo Shi?



An nemi in yi magana a kan yadda ake tsara halin abokan gaba a wasan bidiyo na sanɗa, wato wasan da ɗan wasa yake cin nasara ta hanyar wucewa ba a gan shi ba. Fagen yana da faɗi, don haka zan tsaya a kan mutum ɗaya: mai gadin da ke tsaye a bakin ƙofa. Matsalarsa ita ce kwamfutar da ke motsa shi ita ce kuma ke riƙe da ɗan wasa. A kowane ƙiftawar ido ta san inda yake da inda ya dosa. Rubuta mai gadin da ba a tsere masa aikin layi biyu ne. Abin da ke cin watanni shi ne a hana shi wannan sani, a bar masa abin da idonsa da kunnensa suka kawo masa kawai, sannan a nuna wa ɗan wasa iyakar abin da ya sani. Duk wanda ya yi wasan ɓuya yana yaro ya san abin da ke faruwa idan aka kama mai nema yana leƙe ta tsakanin yatsunsa: wasa ya watse ke nan, ko da ya kama kowa.

A 1998 wasanni biyu suka fito da har yau ake koyo daga gare su. Metal Gear Solid na Hideo Kojima ya sa ƙaramar taswira a kusurwar allo, inda kake ganin iyakar ganin kowane soja a zane, kuma idan ya hango ka alamar motsin rai ta bayyana a kansa tare da ƙara. Thief: The Dark Project na kamfanin Looking Glass ya bi wata hanya. Ya sa wani ɗan dutse a ƙasan allo, yana haske idan kana cikin haske, yana dushewa idan ka shiga duhu. Masu gadinsa kuma ba su tsallakewa daga rashin sani zuwa farmaki kai tsaye. Suna da matakai. Mutum zai ji motsi ya yi gunaguni, ya tsaya, ya fara dubawa, sai daga baya ya zare takobi. Tom Leonard, babban mai rubuta manhajar wasan, ya bayyana tsarin a 2003, kuma darasin da na ɗauka daga gare shi shi ne cewa daɗin wasan yana cikin tazarar da ke tsakanin "kamar na ji wani abu" da "ga shi can!"

To, bari mu gina wannan tazara da hannunmu. Alƙaluman da zan kawo na misali ne, kowa zai daidaita nasa.

Ga sito da dare. Mai gadi yana tsaye, ganinsa yana kaiwa mita 20. Ɗan wasa yana bayan tarin akwatuna, mita 12 daga gare shi, yana son ya ƙetara wani fili mai faɗin mita 4 zuwa wata maɓoyar. Sai mu ba mai gadi ma'aunin zargi daga 0 zuwa 100. Idan ya kai 40, ya juyo ya zo dubawa. Idan ya kai 100, ya tabbatar, ya yi kururuwa. Ga yadda ma'aunin ke hawa a kowace daƙiƙa:

```
kusanci = 1 - nisa / 20
hawa = 100 * haske * kusanci * motsi
```

Haske daga 0 yake zuwa 1, mu ce a filin nan 0.5 ne. Kusanci a mita 12 ya zama 0.4. Motsi kuwa, wanda ya fara tsarawa yakan ce: tafiya 1, duƙe 0.5, gudu 2. Ku lissafa tare da ni. Mai tafiya yana cin mita 2 a daƙiƙa, zai yi daƙiƙa 2 a fili, ma'auni yana hawa da 20, ya ƙare da 40. Mai duƙe yana cin mita 1, daƙiƙa 4 ana hawa da 10, ya ƙare da 40. Mai gudu yana cin mita 4, daƙiƙa 1 ana hawa da 40. Shi ma 40.

Kun ga abin da ya faru? Mun ba ɗan wasa maɓallai uku, amma duk inda ya danna sakamako ɗaya ne. Zai duƙa, ya yi haƙuri, ya bi a hankali, a juyo a kansa kamar wanda ya sheƙa da gudu. Ba zai san lissafin ba, amma zai ji a jikinsa cewa an ci haƙƙinsa, kuma gaskiyarsa ce. Gyaran shi ne mu mai da duƙe 0.3, gudu 1.5. Yanzu mai duƙe ya ƙare da 24, ya wuce lafiya, sai dai ya daɗe a fili, kuma idan wani mai sintiri ya ɓullo a cikin daƙiƙa huɗun nan ya shiga uku. Mai gudu ya ƙare da 30, shi ma ya tsira daga ido, amma takunsa yana da ƙara da ke kaiwa mita 10. Mai gadinmu yana mita 12, bai ji ba. Abokinsa da ke mita 8 a gefe ya ji. Kowane zaɓi ya samu riba da farashi, kuma ɗan wasa zai iya hango su tun kafin ya motsa.

Abu biyu zan ƙara a kan wannan ma'auni. Na farko, a sa masa birki. Mutum yana buƙatar wajen rubu'in daƙiƙa kafin ya mai da martani ga abin da ya gani, balle ya yanke shawara ya ja da baya. Saboda haka ko da lissafi ya ce an cika nan take, a bar masa aƙalla rabin daƙiƙa, tare da wata ƙara ko alama da ke ce masa ana kallon ka. Na biyu, kada a auna gani da ɗigo ɗaya a jikin ɗan wasa. A ja layi daga idon mai gadi zuwa kai, da ƙirji, da kafaɗu, da ƙafafu, a ƙirga nawa ne babu abin da ya tare su. Idan ba haka ba, za a harbe mutum saboda gwiwar hannunsa ta leƙo daga bayan akwati, alhali shi a allonsa a ɓoye yake. Idan shakka ta shigo, a yanke hukunci don amfanin ɗan wasa. Ba a taɓa kawo ƙorafi don an yafe wa mutum rabin taku ba.

Ƙara ma haka take. Idan ka auna ta da miƙaƙƙen layi, mai gadi zai ji takunka ta cikin katangar siminti. Thief yana bi da ƙara ne ta ɗakuna da ƙofofi, kuma taku a kan darduma daban yake da taku a kan ƙarfe. Mark of the Ninja, wanda Klei suka fitar a 2012, ya ma zana ta a fili: duk ƙarar da ka yi sai ta bazu a allo kamar zobe, ka ga wanda ta taɓa da wanda ba ta kai gare shi ba.

Yanzu mu zo inda aka fi yin ha'inci, wato bayan an gan ka ka tsere. Mai gadi ya kamata ya riƙe abu uku kacal: inda ya gan ka na ƙarshe, lokacin, da inda ka fuskanta. Daga nan ya fara nema. Splinter Cell: Conviction na 2010 yana barin farar siffarka a wurin da aka gan ka na ƙarshe, don ka san inda hankalinsu yake, ka zagaya ka ɓullo musu ta baya. Akwai ƙaramin sassauci da nake goyon baya: a bar mai gadi ya ci gaba da sanin inda kake na daƙiƙa ɗaya ko biyu bayan ka sha kwana, domin ko yaro ya ga mutum ya karya kwana ya san inda ya bi. In babu wannan, zai zo daidai kwanar ya tsaya kamar an zare masa batir. Amma bayan nan sai nema na gaskiya: ya jera maɓoyan da za ka iya kaiwa cikin lokacin da ya wuce, ya fara da na gaban inda ka dosa, ya duba, ya yi kuskure wani lokaci. Wanda ya miƙe sak zuwa kabad ɗin da kake ciki, ya bar wasu shida a hanya, ya tona asirin manhajar.

Haka nan labari kada ya tashi daga kan wannan zuwa kan wancan babu hanya. Idan ɗaya ya gan ka, sauran su sani ne ta kururuwa ko ta rediyo, kuma wannan ya ɗauki lokacin da za ka iya katse shi. Ga wani alheri a ciki: maganar da suke yi wa juna ita ce mafi arhar hanyar nuna wayonsu. Jeff Orkin, wanda ya tsara sojojin F.E.A.R. na 2005, ya nuna cewa yawan basirar da 'yan wasa suka yaba tana fitowa ne daga jin sojojin suna tambayar juna suna ba da amsa. Mai gadi ya ce, "Wa ya bar ƙofar nan a buɗe?" sai ɗan wasa ya ji gabansa ya faɗi, domin shi ya bar ta. Basirar da aka yi shiru da ita kuwa, ɗan wasa sa'a zai ɗauke ta, ko zamba.

Wani zai ce, ai Alien: Isolation na 2014 yana leƙe. Haka ne, amma ku duba yadda aka raba aikin. Akwai wani sashe na manhajar da ya san inda kake koyaushe, sai dai ba ya faɗa wa dodon da ke farautar ka. Yana tura shi yankin da kake ne kawai, dodon ya nema da idonsa da kunnensa. Idan matsi ya yi yawa, sashen ya janye shi zuwa cikin bututun iska ka samu ka numfasa. Duk da haka akwai 'yan wasan da suka koka cewa kamar an ɗaure musu dodon a ƙugu. A ganina wannan ita ce iyakar abin da za a iya yi, kuma ya samu karɓuwa ne don wasan tsoro ne, dodon kuma ba mutum ba ne. Ka ba mai gadin sito irin wannan hanci, ba wanda zai yarda.

Yaya za ka gane ka ƙetare iyaka? Ka zaunar da wanda bai taɓa ganin wasanka ba, ka yi shiru. Duk lokacin da aka kama shi ka tsayar ka tambaye shi: wa ya gan ka, me ya ja? A gefe guda manhajarka tana rubuta ainihin dalilin, wane mai gadi, ido ko kunne, nisa nawa, haske nawa. Sai ka gwama amsoshin biyu. Idan ya ce, "Na yi gudu a kan ƙarfe," rubutun ma ya ce haka, ka bar wurin yadda yake ko da an kama shi sau goma. Idan ya ce, "Wallahi ban sani ba," to gyara na wuyanka, ko da lissafinka daidai yake.

Roƙona ga ɗaliban da ke gina nasu wasan shi ne, kafin ku ƙara wa mai gadi wata sabuwar dabara, ku fara rubuta wannan ɗan layin da ke faɗin dalilin kowane kamu, ku kuma nemo mutum biyar daga wajen ajinku su buga muku.